Fanadol ɗin da ke ɓoye a cikin maganin mura

Da zarar hunturu ya kama, ƙura ta tashi, babu abin da ake saye a kemis ɗin ƙauyukanmu kamar ƙwayar mura. Abin da yake damuna game da ita shi ne yadda muke ɗaukarta a matsayin magani guda ɗaya mai aiki guda ɗaya, alhali kuwa magunguna uku ne, wani lokaci huɗu, aka matse su a ƙwaya ɗaya aka ba su suna ɗaya. Mutum zai ce ya sha maganin mura, kuma ya sha maganin zazzaɓi, kuma ya sha na ciwon jiki, yana ganin cututtuka uku ya yi wa magani daban-daban, bai san cewa abu ɗaya ya maimaita sau uku ba.

Duk wanda ya juya bayan kwalin irin su Procold ko Mixagrip, waɗanda kowa ya sani, zai ga an jera abin da ke ciki da ƙananan haruffa. Na farko shi ne farasitamol, wanda muke kira fanadol, kuma yawanci miligiram 500 ne a kowace ƙwaya, wato daidai da cikakkiyar ƙwayar fanadol guda. Na biyu shi ne mai tsayar da atishawa da yoyon hanci, wanda a kwali ake rubuta shi Chlorpheniramine, kuma shi ne dai sinadarin da ke cikin firiton. Na uku shi ne mai buɗe toshewar hanci, Phenylephrine ko Pseudoephedrine, ya danganta da kamfani. Wasu kamfanonin suna ƙara kafin, sinadarin da ke cikin goro da shayi, don ya rage baccin da na biyun yake sawa. Kamfanonin ba su ɓoye komai ba, sun rubuta. Sai dai rubutun yana kan kwali ne, kuma kwalin ba ya zuwa gidanmu.

Ga yadda cinikin yake kasancewa a mafi yawan wuraren da na sani. Magidanci zai tsaya a bakin kanta ya ce, "Likita, mura ce ta kama ni, ga zazzaɓi, ga jikina duk ya mutu, a haɗa mini na ɗari biyar." Mai kemis zai ɗauki almakashi ya yanko ƙwaya huɗu daga wannan kati, shida daga wancan, biyu daga wani, ya zuba su a 'yar farar leda, ya ce, "Baba, fararen bibbiyu sau uku, wannan safe da dare, wannan kuma idan an taso daga aiki." A bayan ɗan yankin katin da aka ba shi, rabin sunan maganin ne kawai ya rage, sauran ya tafi da almakashi. Masu talla a faranti ranar kasuwa, a Wudil ko a Maigatari ko a ƙananan kasuwannin ƙauye, su ma haka suke yi, wani lokaci ma ƙwayar tsirara suke miƙowa a ƙunshin takarda.

Bari mu yi lissafin wannan 'yar leda, mu ɗauka manomin rani ne a yankin Kura wanda ba zai iya barin ban-ruwa ya kwanta ba. Fararen ƙwayoyi bibbiyu sau uku a rana, miligiram 3,000 ke nan na farasitamol. Ƙwayar mura an ce masa safe da dare, shi kuma da ya ji hancin ya ƙi buɗewa sai ya riƙa shan bibbiyu, ƙwaya huɗu ke nan, wato ƙarin miligiram 2,000. Na ciwon jikin da zai sha da yamma, da yawa daga cikin irinsa farasitamol ne aka haɗa da kafin ko da wani maganin ciwo, idan biyu ya sha masu ɗauke da 500 kowace, an ƙara 1,000. Jimla miligiram 6,000 a yini ɗaya. Iyakar da aka gindaya wa babban mutum mai lafiya kuwa ita ce miligiram 4,000 a cikin awa 24, wato ƙwaya takwas masu 500, ba fiye da biyu a lokaci guda ba, kuma da tazarar aƙalla awa huɗu tsakanin sha da sha. Wannan bawan Allah ya wuce iyaka da rabinta, kuma zai dawo gobe a sake haɗa masa, jibi ma haka, domin mura takan ɗauki mako guda ko fiye kafin ta sake mutum.

Dalilin gindaya wannan iyaka yana cikin hanta. Ita ce take sarrafa farasitamol, kuma a yayin sarrafawar wani ɗan kaso yana rikiɗa ya zama guba, wadda hantar take kashewa da wani sinadarin kariya da take tanada. Idan an sha daidai ƙima, tanadin yana isa, ba a jin komai. Idan an wuce ƙima, musamman kwana da kwanaki a jere, tanadin sai ya ƙare, gubar ta fara cin naman hantar kanta. Tanadin nan kuma yana raguwa ga wanda ba ya cin abinci sosai, kuma kowa ya san mai mura da zazzaɓi bakinsa ɗaci yake yi, da ƙyar yake kurɓar koko. Wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, kamar tsofaffi da yawa da 'yan mata ramammu, iyakarsa ba ta kai ƙwaya takwas ba. Haka nan wanda hantarsa ta riga ta raunana, ga shi kuwa ciwon hanta nau'in B yana da yawa a ƙasar nan, kuma da yawa masu ɗauke da shi ba su taɓa yin gwaji ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wannan guba ba ta nuna kanta da wuri. A ranar farko ko dai ba a ji komai ba, ko a ji tashin zuciya da amai da kasala, abubuwan da kowa zai jingina wa murar ko ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, har ma a ƙara masa fanadol a kai. Sai a kwana na biyu zuwa na uku ciwo yake bayyana a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Daga nan ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, idan abin ya yi tsanani mutum ya fara rikicewa yana surutai. A ƙauye da an ga rawayar ido sai a ce shawara ce, a nufi mai jiƙe-jiƙe, babu wanda zai tuna da 'yar ledar kemis. Akwai maganin da ake karya wannan guba da shi a asibiti, sunansa N-acetylcysteine, amma ya fi aiki idan an fara shi cikin awa takwas bayan shan da ya wuce ƙima. Saboda haka wanda ya lissafa ya ga ya zarce iyaka, babban asibiti ya kamata ya nufa tun yana jin garau, kuma ya tafi da sauran ƙwayoyin da yankakkun katin a hannunsa don ma'aikata su ga abin da ya sha.

Sauran sinadaran biyu ma suna da nasu. Mai buɗe hanci yana aiki ne ta hanyar matse jijiyoyin jini, kuma ba a hanci kaɗai yake matse su ba, shi ya sa yake iya ɗaga hawan jini, ya sa bugun zuciya da rashin bacci. Dattijuwar da ke shan maganin hawan jini kullum ba za ta taɓa zaton ƙwayar murar da jikanta ya sayo mata tana warware mata aiki ba. Mai tsayar da yoyon hanci kuma yana sa bacci da bushewar baki, abin da ya kamata ɗan acaɓa da direban da zai kama hanyar Haɗeja ko ta Gumel su sani, kuma yana iya riƙe wa dattijo fitsari idan dama yana fama da wahalar fitarsa. Wanda ya ƙara firiton a kan ƙwayar mura ya ninka wannan sinadari kamar yadda manomin nan ya ninka farasitamol. Wani abin lura shi ne a shekarar 2023 kwamitin masana da ke ba hukumar kula da magunguna ta Amurka shawara ya yanke cewa Phenylephrine da ake haɗiya ba ya buɗe hanci a adadin da ake sakawa.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a ciki. Ƙwaya ɗaya ta fi araha a kan sayen uku, talaka iya kuɗinsa yake saye, mai kemis kuma ba zai iya sayar masa da kwali guda ba. Ban ce a hana ƙwayar mura ba, domin wanda ya sha ta ita kaɗai bisa ƙa'idar da ke jikinta, kuma ba shi da hawan jini ko ciwon hanta, da wuya ta cutar da shi. Abin da nake ƙi shi ne a jera ta da fanadol da na ciwon jiki a leda ɗaya. A ganina nauyin ya fi hawa kan mai kemis, domin shi ne yake riƙe da kwalin kuma shi ne ya iya karanta shi. Tambaya biyu ce kawai a kansa kafin ya ɗauki almakashi: "Me aka riga aka sha yau?" da kuma "Akwai hawan jini?" Idan ya ba da ƙwayar mura, ya faɗa da bakinsa cewa akwai fanadol a ciki, kada a ƙara wani, ya kuma yanka katin ta inda sunan zai rage. Mai saye da ya iya karatun boko kuma ya nemi kalmar Paracetamol ko Acetaminophen a jikin kowane magani, domin sunaye biyu ne na abu ɗaya.

Ni dai a gidana na fi son a sayi kowane sinadari shi kaɗai. Idan ciwon kai da zafin jiki ne kawai, farasitamol ya isa, babu dalilin haɗiyar mai sa bacci da mai ɗaga jini a kansa. Kuma zazzaɓin da ya wuce kwana biyu yana tafiya yana dawowa, gwajin cizon sauro yake buƙata a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, tunda farasitamol ɗin da ke cikin ƙwayar mura yana kwantar da zafin jiki ne kawai alhali cutar tana ci gaba.

Batun yara shi ne inda ba na sassauci ko kaɗan. Ana raba ƙwayar manya biyu a narka a cokali a ɗura wa yaro ɗan shekara uku, bayan uwarsa ta riga ta ba shi farasitamol na ruwa da safe. Adadin yaro da nauyinsa ake auna shi, kimanin miligiram 15 a kowane kilo a sha ɗaya, saboda haka yaro mai kilo 12 rabonsa miligiram 180 ne, rabin ƙwayar mura kuwa 250 ne, ban da na ruwan da ya sha da kuma sauran sinadaran da ba a yi su don jikinsa ba. Tun shekarar 2009 hukumar magunguna ta Birtaniya ta ce kada a ba yaran da ba su kai shekara shida ba irin waɗannan haɗe-haɗen na mura da tari, domin babu hujjar cewa suna yi musu amfani, illarsu kuwa an gan ta.