Maki bakwai ba su isa su zaɓa wa yarinya sana'a ba

Gwajin hali da gwajin hazaƙa sun cika gari. Makarantu na yin su, kamfanoni na yin su kafin ɗaukar ma'aikata, kuma duk mai waya a hannu zai iya amsa tambayoyi na minti goma a ba shi haruffa huɗu da aka ce su ne shi. Ba na cikin masu cewa a watsar da su, domin gwaji mai inganci yana faɗin abin da ya kamata a saurara. Damuwata ita ce yadda ake karanta sakamakon. Takardar takan zo da lamba ɗaya ko laƙabi ɗaya, alhali abin da gwajin ya gano a zahiri tazara ce, daga nan zuwa can. Wanda bai san faɗin wannan tazara ba zai ɗora wa lambar nauyin da ba za ta iya ɗauka ba.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce yarinya mai shekara 16 tana son karatun injiniya, aka yi mata gwajin hazaƙa irin wanda matsakaicin makinsa 100 ne, kuma yawancin mutane, kimanin biyu cikin uku, suke faɗawa tsakanin 85 da 115. Ta sami 108 a fahimtar harshe, 101 a lissafi. Takardar ta rubuta cewa ƙarfinta yana ɓangaren harshe. Malami ya karanta, iyaye suka karanta, aka fara lallashinta ta bar maganar injiniya ta nemi fannin da ya dace da ita.

Abin da ba a gaya musu ba shi ne, duk gwaji yana da gwargwadon amincinsa, wato yadda sakamakonsa yake tsayawa idan aka maimaita. Ana auna wannan da lamba tsakanin 0 da 1, kuma gwajin da ya kai 0.90 ana ɗaukarsa mai kyau ƙwarai. Ko da wannan mai kyau ɗin, akwai kuskuren awo, kuma lissafinsa ba shi da wuya: 15, wato ratar da ke tsakanin 100 da 115, sau √(1 − 0.90), wanda ya ba da kusan maki 4.7. Idan ana son a faɗi inda ainihin matsayin mutum yake da tabbacin kashi 95 cikin ɗari, sai a ninka wannan kusan sau biyu, a sami maki tara sama da tara ƙasa. Ke nan 108 ɗin yarinyar na nufin wani wuri tsakanin 99 da 117, shi kuma 101 na nufin tsakanin 92 da 110. Tazarorin biyu sun hau kan juna sosai. Tun da kowace lamba tana ɗauke da nata kuskuren, bambancin da ke tsakaninsu sai ya kai kusan maki 13 kafin a yarda cewa na gaske ne. Nata bakwai ne. Da an sake gwajin bayan wata guda, ba abin mamaki ba ne lissafin ya hau gaba.

Kuma ko an bar wannan, 101 ba faɗuwa ba ce. Matsakaici ce, a rana ɗaya, a wajen yarinyar da ba mu san ko ta yi barci a daren ba, ko ta taɓa ganin irin waɗannan tambayoyi, ko an yi gwajin da harshen da ta fi sakewa a cikinsa. Waɗannan abubuwa duk suna motsa maki. Karatu ma yana motsa shi: wani babban nazari da Stuart Ritchie da Elliot Tucker-Drob suka wallafa a 2018, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna cewa kowace ƙarin shekara a makaranta tana ɗaga makin gwajin basira da kimanin maki ɗaya zuwa biyar. Abin da ake aunawa ɗin kansa yana girma. Ta yaya za a rufe wa mai shekara 16 ƙofa da awon abin da bai gama tsayawa ba?

A gwajin hali matsalar ta fi ɓuya, domin a can sau da yawa ba a ma nuna lambar. Mafi shahara shi ne MBTI, wanda Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers suka gina a kan ra'ayoyin masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung, yana kasa mutane gida 16. A kowane ɗaya daga cikin ma'aunansa huɗu, ana ja layi a tsakiya a ce kai na wannan gefe ne ko na wancan: mai son cuɗanya da jama'a ko mai son kaɗaici, alal misali. Sai dai mutane ba su rabu gida biyu haka ba. Mafi yawansu a tsakiyar suke, kusa da layin. Wanda ya ɗan karkata hagu da amsa biyu za a ba shi harafi ɗaya da wanda yake can ƙarshen hagu, a raba shi da maƙwabcinsa wanda kusan komai nasu ɗaya ne amma ya faɗa dama. Shi ya sa a wasu nazarce-nazarce kusan rabin waɗanda suka maimaita gwajin bayan 'yan makonni suka fito da wani rukunin daban. Su kansu masu buga gwajin sun ce bai dace a yi amfani da shi wajen zaɓen wanda za a ɗauka aiki ba. Duk da haka za ka ji matashi yana cewa shi ba zai iya koyarwa ko shugabanci ba saboda harafinsa na farko I ne, wato harafin mai son kaɗaici. Wannan magana tana ba ni takaici, domin ƙila amsoshi biyu ko uku ne suka raba shi da ɗaya harafin.

Za a ce, to ai bayanin ya yi daidai da ni, kamar an leƙa zuciyata. Wannan jin ba hujja ba ne, kuma an daɗe da gane dalili. A 1948 wani malamin ilimin halayyar ɗan Adam, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa gwajin hali, sannan ya ba kowa takardar da ya ce sakamakonsa ne. Ya nemi su ba ta maki daga sifili zuwa biyar gwargwadon yadda ta dace da su, matsakaicin ya fito kusan 4.3. Takarda iri ɗaya ya raba wa kowa. Jimlolin irin waɗanda suka hau kan kowane mutum ne: kana son mutane su so ka, wani lokaci kana shakkar ko shawarar da ka yanke daidai ce. Hanya mai sauƙi ta gwada wannan ita ce ka karanta bayanin wani rukunin da ba naka ba, kana ɗaukarsa naka. Idan shi ma ya zauna maka daram, to bayanin bai gaya maka komai game da kai ba.

Akwai gwaje-gwajen hali da masu bincike suka fi amincewa da su, musamman waɗanda suke auna manyan halaye biyar a kan ma'auni mai hawa-hawa, ba tare da jefa mutum cikin rukuni ba. Amma ko su, ƙarfin hasashensu yana da iyaka. Halin da ya fi alaƙa da ƙwazon aiki a yawancin sana'o'i shi ne kula da tsari da riƙon amana a aiki, kuma alaƙar tasa tana wajen 0.2. Ga abin da wannan ke nufi a aikace: cikin mutum ɗari da suka fi matsakaici a wannan hali, kimanin 56 ne za su fi matsakaici a wurin aiki, 44 ba za su fi ba. Ga kamfanin da ke ɗaukar dubban ma'aikata, wannan 'yar rata tana da amfani, shi ya sa suke biyan kuɗin gwajin. Ga mutum ɗaya da ke tambayar makomarsa, ta ɗan fi jefa kwabo kaɗan. Kuma shi ma wannan hali yana sauyawa, domin binciken da ya bi mutane shekaru da yawa ya nuna yawanci suna ƙara tsari da natsuwa yayin da suke manyanta.

To me ya kamata iyayen yarinyar nan su yi da takardar? Su fara da tambayar wanda ya yi gwajin ya nuna musu tazarar kowane maki. Gwaji na ƙwarai yana da littafin bayani da ke ɗauke da wannan, kuma ƙwararre ba zai ji haushin tambayar ba. Su tambayi da su wa aka kwatanta 'yarsu, domin maki 101 na nufin matsakaici ne a cikin wasu mutane takamaimai, kuma idan shekarunsu ko harshensu ko karatunsu ya bambanta da nata, kwatancen ya raunana. Gwajin da ba a san wanda ya tsara shi ba, ba a san a kan wa aka gwada shi ba, a ɗauke shi a matsayin nishaɗi.

Daga nan sai a ajiye sakamakon kusa da sauran shaidu. Makinta na lissafi a aji cikin shekara biyu ko uku ya fi gwajin awa ɗaya nauyi, saboda an tara shi a ranaku masu yawa. Idan akwai shakka, a gwada abin kai tsaye: ta yi zango ɗaya tana ƙarin darasin lissafi da kimiyyar lissafin motsi da ƙarfi, a ga ko tana ci gaba, a ga kuma ko tana komawa ga littafin ba tare da an tura ta ba. Idan da sakamakon ya nuna giɓi babba, a ce maki 25, kuma makin aji ya goyi bayansa, to wannan magana ce da bai kamata a kau da kai daga gare ta ba. Amma ko a nan tambayar farko ita ce me ya jawo giɓin. Yana iya zama darasin da ya wuce ta tun a ƙananan azuzuwa, ko fargabar jarrabawa, ko matsalar koyo da ke da hanyar taimako.

Don wannan aikin aka ƙirƙiri gwajin tun asali. Lokacin da Alfred Binet da Théodore Simon suka fitar da ma'auninsu a Faransa a 1905, manufar ita ce a gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a makaranta, kuma Binet ya fito fili ya yi adawa da masu cewa basirar mutum ƙayyadaddiya ce da ba ta ƙaruwa. Gwaji yana iya tono yaro mai hazaƙa wanda shirunsa ya sa malamai ba su lura da shi ba, yana iya nuna wa babba wata sana'a da bai taɓa tunaninta ba. A irin wannan amfani, idan gwajin ya yi kuskure, asarar ba ta wuce 'yan watannin da aka yi ana gwada wani abu ba. Idan kuwa aka yi amfani da shi aka hana mutum shiga wani fanni, kuskuren ba zai taɓa bayyana ba, domin yarinyar da aka karkatar daga injiniya ba za ta zauna a ajin da za ta nuna cewa za ta iya ba. Saboda haka nake ganin duk makaranta ko mai ba da shawara da zai ce wa yaro kada ya bi wata hanya, wajibi ne ya kawo shaidar da ta fi takardar gwaji ɗaya, kuma ya rubuta tazarar makin a gefen kowace lamba kafin ya miƙa wa iyaye.