Minti 35 na barci mai nauyi: wa ya gaya wa agogonka?

Jama'a, ina ganin yadda hotunan makin barci da agogon hannu na zamani ke bayarwa ke yawo a nan. Wannan ya ce ya ci 85, wancan ya ce 62 ya samu, har wata 'yar'uwa na tambayar ko akwai maganin da ke ƙara barci mai nauyi, don agogonta ya ce minti 30 kacal take samu. Wannan tambayar ce ta tayar min da hankali. Ra'ayina shi ne, ka yarda da agogon a kan lokacin da ka kwanta da kusan tsawon barcinka, amma kada ka sha magani ko ka shiga damuwa saboda minti nawa ya rubuta a gaban Deep, wato barci mai nauyi, ko REM, matakin da aka fi yin mafarki.

Matakan barci a ƙwaƙwalwa ake karanta su. A asibiti, idan za a yi wa mutum gwajin barci, ana manna masa wayoyi a ka don a ga aikin ƙwaƙwalwa, a gefen idanu don a ga motsinsu, a haɓa kuma don a ga sakin tsoka. Sai a yanka daren gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa daƙiƙa 30, ƙwararre ya bi ya sa wa kowacce suna: farke, mara nauyi, mai nauyi, ko REM, matakin da idanu ke motsi da sauri kuma aka fi yin mafarki. Masu bincike Aserinsky da Kleitman ne suka bayyana wannan matakin a Jami'ar Chicago a 1953. To, ko da duk waɗannan wayoyin, idan aka bai wa ƙwararru daban-daban dare ɗaya, a kusan kashi 83 cikin 100 ne suke dacewa da juna.

Agogon hannu ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abu biyu ya fi dogara da su: motsin hannunka, da wannan koriyar fitilar da ke bayansa, wadda ke haska fata ta ƙirga bugun jini. Idan hannu ya yi tsit, bugun zuciya ya sauka ya daidaita, sai ya ce wataƙila barci mai nauyi ne. Idan jiki tsit amma bugun na hawa da sauka, sai ya ce REM. Kamar mutum ne a tsaye a bayan katanga yana jin motsin gida yana faɗin abin da ake dafawa. Wani lokaci zai dace, amma bai ga tukunyar ba.

Da aka kwantar da mutane da agogo a hannu da wayoyin asibiti a ka lokaci guda, sakamakon bincike daban-daban ya yi ta zuwa iri ɗaya. Idan mutum na barci da gaske, agogon na gane hakan fiye da sau 9 cikin 10. Idan kuwa yana kwance ido biyu ba ya motsi, sau da yawa agogon na rubuta masa barci. A wajen raba matakai kuwa, masu kyawun cikinsu na dacewa ne wajen sau 6 zuwa 7 cikin 10.

Mu ɗauki dare ɗaya mu yi lissafi. A ce ka kwanta 11:00 na dare, ka tashi 5:10 don sallar Asuba, minti 370 ke nan. Da safe allo ya nuna Awake, wato farke, minti 25, Light, wato mara nauyi, 255, REM 55, Deep 35. Minti 370 gunduwa 740 ne. Idan agogon ya kuskure 3 zuwa 4 cikin kowace 10, ya sa wa gunduwa 222 zuwa 296 sunan da ba nasu ba, wato tsakanin minti 111 da 148. Kuskuren da kansa ya ninka minti 35 ɗin nan fiye da sau uku. Wasu kurakuran kan soke juna a jimilla, gaskiya ne, amma duk da haka mai 35 na iya zama ya yi 60, mai 60 na iya zama ya yi 35. Ta yaya za a gina hukunci a kan lamba irin wannan?

Sannan kai da kanka ka san cewa an ɗauke wuta, zafi ya hana ka rintsawa har wajen 11:45, kana kwance shiru. Agogon ya ce 11:15 ka yi barci. Rabin awar nan ta shiga Light. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wanda ya fi buƙatar gaskiya, mai fama da rashin barci da ke kwana ido biyu ba ya motsi, shi agogon ya fi yi wa ƙarin da babu shi.

Akwai kuma maganar Asuba. Barci na zagayawa ne kusan duk minti 90. Mai nauyi ya fi yawa a farkon dare, REM kuwa yana ƙara tsawo ne gab da wayewar gari. Mai tashi ƙarfe biyar zai yi ta ganin REM ɗinsa ƙasa da kashi 20 zuwa 25 da ake ambata wa babban mutum. A misalinmu 55 cikin 345 kashi 16 ne. Idan ya koma ya kwanta daga 6:00 zuwa 7:15, akwai yiwuwar ya samu REM sosai a nan, amma agogon kamfanin Fitbit, alal misali, ba ya fitar da matakai ga barcin da bai kai awa 3 ba. Ƙailula ma haka. Jikinka ya samu, lissafin matakan bai gani ba.

Shi kuwa makin, kamfani ne ya haɗa shi, ba ma'aunin likita ba ne. A tsarin da Fitbit ya bayyana, 50 cikin 100 na tsawon barci ne, 25 na Deep da REM, 25 na saukar bugun zuciya da rashin juye-juye. Kashi ɗaya cikin huɗu ke nan yana zaune a kan abin da agogon ya fi rauni a kai. Wani kamfanin da nasa haɗin, shi ya sa 80 a wannan agogon ba 80 ba ce a wancan.

Kuma lambar ba ta tsaya a allo. A wani bincike na 2014 a Kwalejin Colorado, an faɗa wa wasu ɗalibai cewa REM ɗinsu ya yi kyau, wasu kuma an ce bai kai ba, alhali ba a auna komai ba. Waɗanda aka ce nasu bai kai ba sun fi yin kuskure a gwajin yin lissafi da ka. A 2017 kuma likitocin barci a Amurka sun rubuta labarin marasa lafiya da neman makin da ya cika ya ƙara dagula musu barci, wasu na tsawaita kwanciya don lamba ta hau. Shi ya sa nake cewa ka fara tambayar jikinka yadda ya tashi kafin ka buɗe waya.

Inda agogon ke da amfani na gaske shi ne idan ka tara mako biyu ko wata guda. Idan ya nuna kana kwanciya 10:30 yau, 1:30 gobe, kuma matsakaicinka awa biyar da rabi alhali babban mutum na buƙatar aƙalla 7, ka yarda da shi. Idan bugun zuciyarka na dare ya saba zama 58 sai ya kwana biyu a 68, duba ko zazzaɓi na tafe, ko cin abinci mai nauyi da dare, ko shayi da kofi na yamma. Ka ɗaure shi ya kama fata, ɗan sama da ƙashin wuyan hannu, don idan ya yi sako-sako fitilar na rasa bugun.

Amma idan uwargida ko maigida na cewa kana minshari mai ƙarfi har numfashinka na tsayawa, ko kana gyangyaɗi a kan tuƙi, ko kana tashi da ciwon kai ga kuma hawan jini, ko da agogon ya ba ka 90 ka je ka ga likita, ka faɗa masa abin da wanda ke kwana kusa da kai ya ji.