An yi wa kyanwata aski da sunan gyaran hoto

Aikin da na bai wa wani mai gyaran hoto guda ɗaya ne: a ciro farar kyanwata daga hoton da na ɗauke ta a kan ciyawa, a ɗora ta a kan wani hoto mai duhu. Na biya kuɗi, na jira kwana uku. Abin da aka dawo mini da shi, wallahi sai ka rantse da almakashi aka yanko ta daga kwali. Gashin bakinta ya tafi, jelar ta zama sumul kamar muciya, ga wani koren zane ya kewaye jikinta kaf.

Da na yi magana, wai "haka gashi yake, ba ya yankuwa". Haba malam! Ka ce dai ba ka iya ba.

Ina zuƙo hoton na gane abin da ya aikata. Pen Tool ya bi gefen jikin da shi, sannan ya zuba Feather, mai dusashe gefe, don ya ɓoye ɓarnar. Wannan ai na mota ne ko kwalba, abu mai santsin gefe. Silin gashi sau da yawa bai kai faɗin fiksel ɗaya ba, don haka launin wurin gauraye yake: rabi gashi, rabi ciyawar da ke baya. Ka ja layi a ciki, ka aske gashin. Ka ja a waje, ka kwaso kore. Ba layi wurin yake buƙata ba, rufi yake so mai wurare shara-shara.

Ƙarshe ni na zauna na yi da kaina a Photoshop. Na buɗe Channels, inda aka raba launin hoto zuwa ja, kore da shuɗi, na duba ukun ɗaya bayan ɗaya. A Blue ciyawa ta yi duhu, kyanwa kuma fara tas, sai na kwafe shi. Na matsa Levels, mai ƙara bambancin haske da duhu, a hankali, domin in ka cika hannu siraran gashin ne ke fara ɓacewa. Na sa buroshi a Overlay, baƙi a waje, fari a ciki, sannan na mai da shi Layer Mask, wato rufin da ke ɓoye wurin baƙi ya nuna wurin fari. Koren da ya rage a bakin gashin kuma, sabon shafi na ɗora da Clipping Mask, na sa shi a Color, na shafa launin jikinta. Silin gashin baki biyu da suka ƙi fitowa, da buroshi mai fiksel 2 na zana su.

Gwajin ma ba wuya: ka sa baƙi a bayanta, ka sa fari, ka sa ruwan toka, ka zuƙo 200%. Duk ƙazantar da ta ɓuya sai ta fito. Minti ɗaya bai iya bayarwa ya yi wannan ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, na roƙi kyanwar ita kaɗai ba tare da bango ba, sai ya turo JPEG, wanda ba ya riƙe wurin da babu komai, ya cike shi da fari. Da na ce PNG nake so, wai sai na ƙara kuɗi.