Nasiha ga ɗalibai masu neman izinin fashi a wurin koyon aiki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Nasihata ta yau ga ƙannenmu ce, ɗaliban da ke zaman SIWES, wato shirin koyon aiki a aikace na ɗalibai, a masana'antun Sharaɗa da Bompai da ofisoshin cikin garin Kano. Da yawansu suna tsoron neman izinin kwana biyu ko uku, don kada shugaban sashe ya ɗauke su marasa himma, sai tsoron ya kai su ga ƙirƙiro rasuwa ko rashin lafiya. Wannan yana damuna ƙwarai.

Neman izini ba aibi ba ne. A Suratun Nur, aya ta 62, Allah Maɗaukaki ya yabi muminan da idan suna tare da Annabi (SAW) a kan al'amari na jama'a ba sa tafiya sai sun nemi izininsa, kuma ya ba shi damar yin izini ga wanda ya so idan sun nema saboda wata buƙatarsu. Waɗanda aka zarga su ne masu uzurin ƙarya, irin waɗanda a Suratul Ahzab, aya ta 13, suka ce gidajensu a buɗe suke alhali gudu kawai suke nufi.

A ce ana ɗaurin auren yayarka a Gaya ranar Asabar, kana buƙatar Alhamis da Juma'a. Kada ka jira daren Laraba ka tura saƙon waya. Tun mako guda kafin lokacin ka sami shugaban sashen da kanka, bayan hidimar safiya ta lafa, ka gaishe shi, ka ce: "Ranka ya daɗe, ina neman izinin Alhamis da Juma'a saboda auren yayata, kuma in sha Allahu Litinin da safe ina bakin aiki. Rahoton da ka ba ni zan miƙa shi ranar Laraba, ragowar aikin kuma na nuna wa abokin aikina." Sannan ka miƙa gajeriyar takarda mai ɗauke da ranakun. A nan yake gane himmarka, domin ya ji ranar dawowa kuma ya ga aikinsa ba zai tsaya ba. Idan ya ce kwana ɗaya kawai zai iya bayarwa, ka karɓa da godiya, domin ai alfarma ka nema.

Sai ka kiyayi abu biyu. Litinin ɗin da ka ambata alkawari ce, saɓa alkawari kuwa yana cikin alamomin munafuki uku a hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito. Littafin rahoton aikinka kuma, wanda shugaban yake sa wa hannu, amana ne. Kada ka cike Alhamis da Juma'a da aikin da ba ka yi ba, ka sa shi ya shaidi ƙarya da hannunsa. Ka rubuta cewa ka yi fashi da izini, ka tambaye shi ko akwai ranar da za ka rama.