Ba duk ciwon cikin yaro ba ne tsutsa

Iyaye dan Allah mu yi maganar nan, don abin yana damuna. Yaro ɗan makaranta ya ce cikinsa na ciwo yau, jibi ya sake, sati mai zuwa ma haka, sai kawai a ce tsutsa ce a sayo magani a ɗura masa, wata ya zagayo a ƙara. Tsutsa gaskiya ce ba na musu, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wuraren da take da yawa a riƙa ba yara maganinta sau 1 ko 2 a shekara, kuma ƙwaya ɗaya ta albendazol mai miligiram 400 ta isa yaron da ya haura shekara 2. To in an ba shi, sati biyu ya wuce ciwon na nan yadda yake, me ya sa za mu nace wa tsutsa?

Abin da aka fi mantawa da shi taurin bayan gida ne, wallahi shi ke wahalar da yara da yawa ba a sani ba, saboda da zarar yaro ya iya shiga bayi shi kaɗai babu mai sake tambayarsa yaya aka yi a ciki.

Ku ɗauki yarinya 'yar shekara 7. Bayin makaranta ba tsafta ko tana jin kunyar ɗaga hannu ta nemi izini, sai ta matse. Kashin da aka riƙe yana zaune a babban hanji, hanjin kuma yana ta tsotse ruwan da ke cikinsa har ya bushe ya yi tauri, ran da ta zo yi ta ji zafi, wani lokaci har da ɗan jini a jikinsa saboda wurin ya tsage, daga nan tsoro ya shiga sai ta ƙara matsewa. A hankali ƙarshen hanjin ya buɗe ya saba da cika, ta daina ma jin tana son zagayawa. Sai ciwo wajen cibiya ko ƙasan ciki ta hagu, galibi bayan ta ci abinci, ta ci kaɗan ta ce ta ƙoshi. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne ran da uwa ta ga ɗan kashi mai ruwa a wandonta, ta yi mata faɗa ko ta ce gudawa ce ta ba ta maganin tsayar da gudawa, alhali ruwan ne ya zagaye busasshen ya zubo ba da sanin yarinyar ba. Wannan maganin ƙara toshe ta zai yi.

Ganewa ba wuya. Tambaye ta a hankali ba da tsawa ba, sau nawa take yi a sati, in bai kai 3 ba ko yana fitowa guntu-guntu kamar na akuya ko tana nishi tana kuka, to kin samu bakin zaren. Ko kullum take yi ma in dai ɗan kaɗan ne mai tauri, ciki bai sauke ba.

Ruwa da ganye da kayan marmari suna taimakawa sosai, amma in abu ya riga ya taru su kaɗai ba sa fitar da shi, sai likita ya rubuta maganin da ke sa kashi laushi irin laktulos ko makrogol, kuma ba na kwana uku ba ne, sau da yawa watanni ake yi kafin hanjin ya koma daidai, masu dainawa da wuri su ne ciwon ke dawo musu. A haɗa da zaunar da ita a bayi minti 5 zuwa 10 bayan cin abinci, lokacin ne hanji ke motsi da kansa, in masai na zama ne a sa mata abin taka ƙafa gwiwa ta ɗan ɗara ƙugu.

In bayan gida lafiya lau ne, duba lokacin ciwon. Wanda ke zuwa da kumburi da tusa bayan shan madara, madarar ce abin zargi. Wanda ke tashi da safe ana shirin makaranta ya ɓace ran hutu, a bincika ko akwai mai cin zalinsa ko malamin da yake tsoro, kuma kar a ce ƙarya yake, damuwa tana murɗa ciki da gaske.

Amma ciwon da ke tada yaro daga barci, ko rama, ko zazzaɓi, ko koren amai, ko jini gauraye da kashi ko baƙin kashi, ko zafin fitsari, wannan asibiti kai tsaye. Haka in ya fara a cibiya ya gangara ƙasan ciki ta dama har yaro ba ya son tafiya ko tari, yana iya zama apendis, kar a ba shi maganin wanke ciki, kar kuma a jira gari ya waye.