Ba kowane tsiro a fata ne kansa ba

Mutane da dama na ɗaukar duk tsiron da ya fito a fata alamar cutar kansa ce. Tsoron na da dalili, amma yawancinsu ba su da illa.

Tsiro mai kaushi a yatsa, ƙwayar cutar HPV ke kawo shi, kuma sau da yawa yana ɓacewa da kansa cikin shekara 2. Laɓaɓɓen nama mai reto a wuya ko hammata ba ya yaɗuwa zuwa wani mutum. Ƙurajen molaskam kuwa, wata cutar fata da ke kama yara, suna da sheƙi, da ɗan rami a tsakiya.

Wanda za a kai wa likita shi ne mai canzawa. Misali, baƙin tabo a tafin ƙafa da ke faɗaɗa, gefensa ba daidai ba, ko yake zubar da jini.