Mita mai kati da injin ruwan gidanmu

Ɗakuna shida ne a gidan da nake haya, takardar bil ɗin wuta kuma guda ɗaya ce. Tsohuwar mitar da ke jikin bangon zaure ta daina juyawa tun kafin in tare, har gizo-gizo ya yi saƙa a cikin gilashinta. Saboda haka 'yan wuta ba su karanta komai, ƙiyasi kawai suke yi su rubuto. Mai gida ya karɓa ya raba gida shida daidai wa daida, ya ce adalci ke nan.

Watan da aka rubuto mana yunit 600, watau 100 a kan kowane ɗaki, na ɗauki biro na zauna. Yunit ɗaya shi ne abu mai wat 1,000 ya yi aiki na awa guda. Ni kuwa dukiyata ta lantarki ba ta da wuyar ƙirgawa: ƙwan fitila biyu masu wat goma-goma na awa shida, fanka mai wat 70 ta awa goma, da 'yar talabijin mai wat 60 da nake kallon labarai awa uku. Duk aka haɗa, yunit ɗaya ne cif a rana, 30 a wata, shi ma idan an bar wutar. Sauran 70 ɗin sadaka nake yi ba tare da na yi niyya ba.

Wa ke cin sadakar? Maƙwabciyata tana da firiza biyu, tana sayar da ƙanƙara. Na ɗakin ƙarshe yana da rishon lantarki mai wat 1,500. Ya kunna shi awa biyu ya sha yunit uku, abin da nake sha a kwana uku. Mutumin kirki ne, kullum shi ke fara gaishe ni, kuma yanzu na san dalili.

Na sa rigata mai kyau na tafi wurin mai gida da takardar lissafina. Bayan doguwar gaisuwa na ce, "Baba, alfarma na zo nema. A sa mini mita mai kati, in riƙa biyan abin da na sha."

Ya gyara zaman tabarau, ya duba takardar a juye, ya ce, "Yaro, gidan nan tun da na gina shi ba a taɓa raba kan mutanensa ba. Yau ka raba wuta, gobe ka ce a raba maka iska."

Na ce, "Ranka ya daɗe, iskar ma ta fanka ce, kuma ita na zo biya."

Bai yi dariya ba. Sai ya fito da ainihin abin da ke ransa, kuma maganar gaskiya ba shirme ba ne. Akwai tsohon bashi a kan asusun gidan, na wasu 'yan haya da suka tashi cikin dare, kuma da an kai fom ɗin neman sabuwar mita za a tono shi. Sannan wayoyin gidan a haɗe suke, dole a raba, a jawo mini layina daban zuwa ɗakina, kuma ba da bismillah ake biyan mai wayarin ba. Ya ƙare da tambayar da ta fi damunsa: ranar da zan tashi, mitar ta waye? Na ce ta gida ce, tunda da adireshin gidan ake mata rajista, ba a ciro ta a sa a akwati. Nan fuskarsa ta ɗan saki. Muka yi ciniki: ni in biya mita da aikin waya, a riƙa cire rabi daga kuɗin haya, shi kuma ya ji da bashinsa. Na ce a rubuta. Ya ce ashe ban yarda da shi ba. Na ce na yarda, biro ne kawai ke neman aiki.

Ya ce akwai yaronsa mai wayarin, mai sauƙin kuɗi. Yaron ya zo da filaya da salatif, ya hau silin, ya sauko da ƙura har a gira, ya ce an gama.

Ranar da aka ɗaura mitar na sayi yunit 30, na danna lambobi 20 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya da natsuwa, allon ya nuna 30.0. Na fito tsakar gida ina tafiyar wanda ya biya sadaki. Har na yi wa mai firiza jaje.

Kafin kwana goma, ina tsakar barci, fanka ta tsaya. Na leƙa ta taga: kowane ɗaki haske tar, firiza na gurnani, nawa ne kaɗai duhu. Allon mita ya nuna sifili.

Da gari ya waye na sake sa kati, na kashe komai na ɗakina, na zare har cajar waya daga soket, na ɗauko kujera na zauna a gaban mita. A jikinta akwai 'yar jar fitila, kusa da ita an rubuta 1000 imp/kWh, ma'ana duk ƙyaftawa dubu yunit ɗaya ya tafi. Idan babu abin da ke jan wuta a layinka, bai kamata ta ƙyafta ba. Ta yi shiru, na fara zargin aljanu. Can sai wani yaro ya fito da bokiti ya danna makunnin injin jan ruwa. Nan take jar fitilar ta fara kashe mini ido, kusan duk daƙiƙa biyar. Na ce ya kashe, ta tsaya. Na ce ya kunna, ta ci gaba. Yaron ya ɗauka wasa ne, ya ce mu ƙara.

Da magariba aka kunna babban ƙwan ƙofar gida, tsohon yayi mai wat 100 da ke kwana a kunne, ta sake ƙyaftawa a hankali. Lissafi ya fita: injin ruwa mai wat 750 na awa biyu, yunit ɗaya da rabi, ƙwan ƙofa na awa goma, yunit ɗaya, nawa ɗaya. Uku da rabi a rana. Yaron mai sauƙin kuɗi ya ga layina ne ya fi kusa, ya ɗora mini ruwan gida da tsaron gida.

Na koma wurin mai gida. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To ai ladan shayar da mutane ruwa ba ƙarami ba ne." Na ce a cire injin daga layina a mayar kan na gida. Ya ce yaron ya yi tafiya. Na zare fis ɗina na kulle ɗaki na tafi aiki.

Da na dawo na tarar da bokitai a jere a ƙofar ɗakina, masu su na zaune a kai. Mai firiza, wadda ba ta taɓa tambayar lafiyata ba, ta ce, "Malam, sannu da dawowa, ya yunit?" Aka kira taron gaggawa a zaure. Mai gida ya yi gyaran murya ya ce kafin yaron ya dawo, kowa zai riƙa ba ni wani abu na kuɗin ruwa. Na tambaya nawa-nawa. Ya ce, "Sai mu yi ƙiyasi mu raba gida shida, har da kai, tunda kai ma kana wanka."